Goge tarihin wurare da bayanan talla a Facebook da Instagram ba tare da rufe asusu ba: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne ake yawan kawo min a teburin gyaran waya, musamman daga masu sana'a da ba za su iya rufe asusunsu ba saboda a nan abokan cinikinsu suke. Na tsaya a kan Facebook da Instagram ne domin kamfani ɗaya ke da su, wato Meta, kuma saitinsu a wuri guda yake. Sunayen maɓallai na rubuta su yadda za ka gan su a fuskar waya. Kamfanin kan sauya musu mazauni lokaci zuwa lokaci, don haka idan ba ka ga wani a inda na ce ba, ka rubuta sunansa a akwatin bincike na `Settings`.

Akwai maɓalli guda da zan danna komai ya goge?

Babu. Bayanan nan a wurare uku suke: akwai izinin da wayarka ta bai wa manhajar, akwai abin da ke ajiye a `Accounts Center`, sannan akwai abin da kai da kanka ka wallafa ka maƙala masa sunan wuri. Kowanne da ƙofarsa. Kuma a jere ake bin su, a fara toshe hanyar da sabbin bayanai ke shigowa kafin a taɓa tsofaffi. Wanda ya fara da gogewa ya bar izini a buɗe, tamkar mai kwashe ruwa ne a ɗakin da rufinsa ke yoyo, kafin mako ya zagayo wurin ya sake cika.

Hanyar shiga a Facebook ita ce `Menu`, sai `Settings & privacy`, sai `Settings`, sai `Accounts Center`. A wasu wayoyin `Accounts Centre` ake rubutawa, abu ɗaya ne. Mai amfani da Facebook Lite gara ya buɗe burauza ya shiga `accountscenter.facebook.com`, can ne zai ga komai a cike.

An ce in shiga Location History in goge, na yi ta nema ban gani ba. Wayata ce ke da matsala?

Wayarka lafiyarta ƙalau, bayanin da aka ba ka ne ya tsufa. A da Facebook na da wani sashe mai suna `Location History` wanda ke jera wuraren da mutum ya bi rana bayan rana, muddin ya kunna shi. A ƙarshen watan Mayun 2022 kamfanin ya daina tara bayanai a wannan sashe, tare da `Nearby Friends`, ya bai wa mutane zuwa farkon Agusta su sauke nasu, ya ce bayan nan zai share. Yawancin bidiyoyin koyarwa da ke yawo kafin wannan lokacin aka yi su.

Idan taswirar zirga-zirgarka ka taɓa gani, da layi daga gida zuwa kasuwa zuwa masallaci, to mai yiwuwa `Timeline` na Google Maps ka gani. Wannan na asusun Google ne, ba ruwansa da Facebook, kuma a cikin Google Maps ake share shi.

To in an cire wancan sashe, me ya rage a hannunsu game da inda nake?

Da saura, sai dai a warwatse. Na farko shi ne garin da suke ɗauka ka fi zama, wanda suke kira `Primary location`. Suna ƙiyasta shi daga garin da ka rubuta a furofayil, da lambar IP, wato lambar da ke zama adireshin layin intanet ɗinka, da wuraren da ka saba ambata. Na biyu, jerin shige-shigen asusu: kowace waya da aka shiga da ita, ranar, da garin da lambar IP ta nuna. Na uku, wuraren da ka maƙala wa hotuna da rubuce-rubuce. Na huɗu kuma wanda mutane ba su cika sani ba: idan kyamarar wayarka na saka bayanin wuri a cikin hoto, to yana tafiya tare da hoton lokacin ɗorawa. Mai kallo ba zai gan shi ba, amma ƙa'idojin kamfanin sun ce suna iya karɓarsa.

Shawarata kafin ka goge komai ka nemi kwafi. A cikin `Accounts Center`, ƙarƙashin `Your information and permissions`, akwai `Download your information`, wanda a sabbin manhajoji ya koma `Export your information`. Zaɓi `HTML` domin ka iya karantawa a burauza, ka sa ingancin hotuna a `Low` ko ka cire hotuna da bidiyo gaba ɗaya, in ba haka ba fayil ɗin zai cinye maka data. Ba nan take yake fitowa ba, sai sun haɗa sun sanar da kai, kuma kwanaki kaɗan yake yi a buɗe kafin ya ɓace. Amfaninsa shi ne bayan wata ɗaya ka sake neman wani ka gwama, ka ga abin da ya tafi da abin da ya tsaya.

Yaya ake toshe hanyar a waya?

A Android, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, danne alamar manhajar na ɗan lokaci, ka shiga `App info`, sai `Permissions`, sai `Location`, ka zaɓi `Don't allow`. Ka yi wa Facebook, ka yi wa Instagram, ka yi wa Messenger, domin izinin kowacce daban ne. Idan kana son ka riƙa maƙala wuri jefi-jefi, ko kana saye a Marketplace, zaɓi `Ask every time` sannan ka kashe `Use precise location`. Wannan maɓalli na biyu daga Android 12 ya fara. Idan an kashe shi manhajar za ta san yankin da kake amma ba za ta san ƙofar gidanka ba. A iPhone hanyar ita ce `Settings`, `Privacy & Security`, `Location Services`, ka zaɓi `Never`, ko ka kashe `Precise Location`.

Kada ka manta da kyamara. Shiga saitinta ka kashe abin da ya shafi wuri, wasu wayoyin `Location tags` suke rubutawa. Tsofaffin hotunan da ke waya suna nan da bayaninsu, sababbi ne kawai za su fito babu.

Abu ɗaya da babu maɓallin kashe shi: lambar IP. Duk lokacin da ka buɗe manhajar da data ko Wi-Fi, kamfanin zai ga lambar, kuma daga ita zai ƙiyasta gari. Shi ya sa ko ka hana izini gaba ɗaya za ka ci gaba da ganin tallan shagunan jiharku.

Ina Kano, amma a Where you're logged in na ga Legas. An shiga asusuna ne?

Ba lallai ba. Kamfanonin layi kan bi da intanet ɗin masu amfani da su ta manyan cibiyoyi, sai lambar IP ta nuna garin cibiyar maimakon garinka. Ganin Legas ko Abuja alhali ba ka motsa daga Fagge ba abu ne da aka saba. Abin dubawa shi ne sunan na'ura da rana. Idan ka ga samfurin wayarka ne kuma ranar ta yi daidai, kwantar da hankalinka. Idan ka ga iPhone kai kuwa ba ka taɓa riƙe ta ba, ko kwamfutar wani shagon buga takardu da ka shiga bara ka manta ba ka fita ba, wannan ne abin damuwa.

Wurin yana cikin `Accounts Center`, a `Password and security`, sai `Where you're logged in`. Zaɓi `Select devices to log out`, ka fitar da duk na'urar da ba ta hannunka, sannan ka sauya kalmar sirri. Fitar da su na rage jerin da ake gani, amma tarihin shige-shigen na tsaro yana nan a wajen kamfanin, za ka iya tarar da shi a kwafin da ka sauke.

Tsofaffin hotunana da na rubuta musu wuri fa? Sai na goge hotunan?

A'a, wurin kawai za a cire, hoton da sharhin mutane su zauna. A Instagram buɗe hoton, danna ɗigo uku, `Edit`, taɓa sunan wurin, sai `Remove location`. A Facebook ma ta `Edit post` ake bi. Don nemo su ba tare da ka yi ta gangarawa shekara goma baya ba, shiga `Activity log` ka nemi `Check-ins`. Aikin hannu ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma yana da gundura. Ni dai ina cewa a fara da masu haɗari: gida, makarantar yara, asibiti, da duk wurin da kake zuwa a rana ɗaya kowane mako. Hoton sallah a Dutsen Dala na shekara bakwai da ta wuce ba shi ne zai kai wani ƙofarka ba.

Ka duba furofayil ma. `Current city` da `Hometown` kai ka rubuta su, kai ne za ka cire. Sannan tun 2025 Instagram na da taswira a sashen saƙonni. Raba wurin da kake a kanta a kashe yake sai in kai ka kunna, amma abin da ka wallafa ka maƙala masa wuri yana iya bayyana a kanta na ɗan lokaci.

Mu zo kan talla. Abin da na duba a wani shafi daban, me ya kawo shi Facebook ɗina, kuma yaya zan raba su?

A nan ne aikin ya fi yawa, bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ce amarya ce mai cikin fari, wata uku, ba ta faɗa wa kowa ba sai mijinta, yadda aka saba. Da dare ta shiga wani shagon intanet ta duba bahon wankan jarirai da shawul, ta kuma sauke manhajar lissafin watannin ciki. Bayan kwana biyu ƙanwar mijinta ta ari wayar tana kallon bidiyo, sai ga tallan kayan jarirai na biyo juna. "Anti, ko dai mun samu ƙaruwa ne?" Amaryar ba ta rubuta komai a Facebook ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Shaguna da manhajoji da yawa suna ɗauke da wani ɗan kayan aikin Meta a jikinsu, na shafukan intanet shi ake kira Meta Pixel. Idan ka buɗe kaya, ko ka sa a kwando, ko ka saya, sai shafin ya aika wa Meta labari. Meta kuma ta haɗa labarin da asusunka, ta hanyar burauzar da ka shiga Facebook da ita, ko lambar talla ta wayar, wadda masu talla ke gane wayar da ita, ko lambar waya da imel da ka bai wa shagon.

Abin da amaryar za ta yi: ta shiga `Your information and permissions`, sai `Your activity off Meta technologies`. A da sunansa `Off-Facebook activity`, an fara shi a 2019 ya kai ko'ina a farkon 2020. A `Recent activity` za ta ga jerin shafuka da manhajojin da suka aiko da labarinta, kuma sau da yawa za ta ga sunayen da ba ta gane ba, domin wani sunan na kamfanin da ya ƙera manhajar ne. Kafin ta share sai ta fara shiga `Manage future activity` ta zaɓi `Disconnect future activity`. Wannan shi ne toshe yoyon, kuma kamfanin ya ce yana iya ɗaukar awa 48 kafin ya gama aiki. Daga nan sai `Clear previous activity`. Idan asusun Instagram ɗinta na haɗe a wurin, ta tabbata ta yi wa dukansu biyun.

Saura biyu. A `Ad preferences` na `Accounts Center`, ƙarƙashin `Manage info`, akwai `Activity information from ad partners`, ta zaɓi amsar da ta fara da `No`. Sannan ta koma saitin waya ta cire lambar talla: a Android `Settings`, `Google`, `Ads`, `Delete advertising ID`, a iPhone kuma ta kashe `Allow Apps to Request to Track` a ƙarƙashin `Tracking`.

Duk da haka in ta ci gaba da tsayawa kan bidiyon renon ciki a cikin Instagram ɗin kanta, ko ta bi shafin wata mai sayar da kayan jarirai, tallan zai dawo. Waɗancan maɓallai abin da aka yi a waje suka shafa. Abin da ake yi a cikin gida, kallo da so da bin shafi, yana ci gaba da ƙirguwa.

Shin Clear previous activity gogewa ne da gaske?

Ba gogewa ba ne yadda muke nufi da kalmar. Lura da kalmar da kamfanin da kansa ke amfani da ita, `Disconnect`, wato cire alaƙa. Labarin cewa wani ya duba bahon jarirai ranar kaza bai ɓace daga rumbunsu ba, an dai yanke igiyar da ta ɗaure shi da sunanka. Haka ma bayan ka kashe na gaba, shagunan ba su daina aikowa ba, Meta ce ta yi alkawarin ba za ta liƙa shi a asusunka ba. Shagon da kansa kuma yana riƙe da nasa kwafin, wanda babu maɓallin Facebook da zai taɓa shi.

A ganina duk da haka ya cancanci minti biyar ɗin da zai ci. Abin da ya dami yawancinmu shi ne kada sirrinmu ya fito a fuskar waya a gaban mutane, kuma wannan yana magance kaso mai yawa na hakan. Amma wanda ya ce maka ya "wanke" maka asusu tas har ya karɓi kuɗi, ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa.

Jerin abubuwan da suka ce ina sha'awa fa, ana share shi?

Ba a share shi da dannawa ɗaya, ragewa ake yi. A `Ad preferences` shiga `Ad topics`, ka buɗe batu ka zaɓi `See less`. Kana iya rubuta batun da kanka a akwatin bincike ko da bai bayyana a jerin ba, kamar caca ko bashi ko renon yara. Ma'anar kalmar dai "a rage", don haka wani zai iya kutsowa, musamman idan mai tallan bai zaɓi masu wata sha'awa ba, ya ce kawai a nuna wa duk mai shekara 18 zuwa sama a Kano.

A `Categories used to reach you` za ka iya hana a yi amfani da wurin aikinka, da karatunka, da matsayin aure da ka rubuta a furofayil. `Audience-based advertising` kuwa shi ne ya fi ba mutane mamaki. Jerin kamfanoni ne da suka ɗora wa Meta lambobin waya ko imel na abokan hulɗarsu aka dace da naka a ciki. Lambar da ka rubuta a fom ɗin gasa ko wajen sayen kaya, ga inda take iya ƙarewa. Ana buɗe su ɗaya-ɗaya a zaɓi `Don't allow`.

Ka share `Search history` ma, ka duba `Link history`, wanda ke ajiye mahaɗan da ka buɗe a cikin manhajar na kwana 30. Idan ka kashe shi, kamfanin ya ce sharewar na iya kai kwana 90. Instagram na da `Reset suggested content`, amma wannan bidiyoyin da ake kawo maka yake sabuntawa, ba ya goge bayanan talla.

Me zai iya lalacewa idan na yi duk wannan?

Babban abin shi ne manhajojin da ka shiga da `Continue with Facebook`. Sharewar na iya fitar da kai daga cikinsu, kashe na gaba kuma na iya hana ka komawa ta wannan hanyar. Matasa masu wasannin waya su ne suka fi kuka, domin matakin da suka kai a wasan na ɗaure da Facebook. Kafin ka danna, ka duba `Apps and websites`, duk wadda kake buƙata ka haɗa ta da imel tukuna. In ba ka son taɓa su, yi amfani da `Disconnect specific activity` ka zaɓi shagunan da suka dame ka kawai.

Abokanka, hotunanka, saƙonninka da shafin kasuwancinka ba abin da zai same su. Mai biyan kuɗi a tallata masa kaya ma zai ci gaba da yi, saitin mai kallon talla daban ne da na mai saka talla.

Ta yaya zan gane ya yi aiki?

Yawan talla ba zai ragu ba, kada ka auna da wannan. Irinsa ne zai sauya. Bayan kamar mako ɗaya ka koma `Recent activity`, ya kamata ka tarar babu sabon suna. Sannan duk tallan da ya ba ka mamaki, danna ɗigo ukun da ke kansa ka zaɓi `Why am I seeing this ad?`. Idan dalilin shekaru ne da gari da yare, toshewar ta kama. Idan ya ce saboda hulɗarka da wasu shafuka ne a Facebook, to daga cikin gida ne, sai ka koma `Ad topics` ka kuma daina bin shafin. Idan ya ce kana cikin jerin mai tallan, `Audience-based advertising` za ka nufa.

In na cire manhajar na sake saukewa, ko na yi Clear cache, ko na dakatar da asusun na wata ɗaya?

Ko ɗaya ba ya goge komai. Bayanan a rumbun kamfanin suke, ba a wayarka ba. `Deactivate` ɓoye asusu kawai yake yi, ranar da ka dawo za ka tarar da komai yadda ka bari. Sake saukewa ma yana da nasa tarko: manhajar za ta sake neman izinin wuri, mai gaggawa kuma ya danna `Allow` bai karanta ba. Haka idan ka sayi sabuwar waya, izini da lambar talla sababbi ne, sai ka sake bi.

Doka ta ba ni haƙƙin in ce a share gaba ɗaya?

A Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ta bai wa mutum haƙƙin ganin bayanansa, da neman a gyara ko a share su a wasu yanayi, da ƙin amincewa a yi amfani da su wajen tallata masa kaya kai tsaye. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ma ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024 kan batutuwan da suka haɗa da yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Haƙƙin sharewa yana da iyaka, domin kamfani na iya riƙe wasu bayanai saboda tsaro ko wata doka, kamar tarihin shige-shigen asusu.

Inda na ga dokar ta fi saurin amfani shi ne kan kamfanonin da ka gani a `Audience-based advertising`, musamman na cikin gida. Ka rubuta musu imel, ka ambaci lambar wayar ko imel ɗin da suke riƙe da shi, ka ce su cire ka daga jerin talla su daina miƙa shi ga wasu. Ka ɗauki hoton fuskar waya da ke nuna sunansu a jerin, ka ajiye shi tare da kwafin wasiƙar da ranar da ka aika, domin su ne za ka haɗa idan suka yi shiru ka kai ƙorafi NDPC.